Gidan kakanmu a Jos: a ina za mu samo asalin zanensa da tsofaffin hotuna?

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Muna da wani tsohon gida na kakanmu a cikin garin Jos, bene ne da shaguna a ƙasa, manya na cewa tun zamanin Turawa aka gina shi amma babu mai takarda. Yanzu ana son a gyara, ni kuma ina son in rubuta tarihinsa kafin a taɓa shi. A ina zan samo asalin zanen gidan ko tsohon hoto ko taswira? Na gode.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh abu na farko, kar ka je ko'ina tukuna, ka fara da ɗakin tsohuwar gidanku. Nemi akwatin ƙarfen nan ko tsohuwar jakar da ake zuba takardu a tura ƙarƙashin gado, abin da kake nema a ciki lamba ce, lambar fuloti. Duk ofishin da za ka shiga daga nan har Kaduna ba wanda ya jera fayil da sunan "gidan Alhaji wane", da lamba suka jera, kuma in ka je ba lamba za a yi ta maka ka dawo gobe har ka gaji ka bari. Lambar nan tana fitowa a rasit ɗin kuɗin ƙasa, ko takardar harajin gida, ko tsohuwar takardar ciniki, wani lokacin ma a takardar ruwa ko ta wuta ta da. In rasit ɗin fam da sule aka rubuta to ka riga ka san ya girmi Janairun 1973, don lokacin ne naira ta shigo. Ka kuma zagaya kusurwoyin gidan ka duba ko dutsen safiyo yana nan, ɗan simintin nan da ake binnewa mai lamba a kai, sau da yawa dakali ko kwata ta rufe shi amma in ka same shi ka ɗauki hoton lambar, ita ce ba ta canzawa ko da an canza sunan titi sau uku. Sunan titi kam kar ka dogara da shi, da yawa an sake musu suna bayan samun 'yanci.

Sai tambaya ta biyu wadda ita ce ke raba hanya, kuma yawancin masu zuwa wajena ba su san da ita ba. Jos ta zamanin Turawa gari biyu ce a takarda. Akwai ɓangaren da ake kira tanshif, wajen kantunan kamfanoni da ofisoshi da unguwar Turawa, wannan yana hannun joji Bature ne, akwai kuma garin 'yan ƙasa da ke ƙarƙashin En'e. In gidanku a ɓangaren tanshif yake to akwai kyakkyawan zaton an yi masa safiyo, an ba da takardar shaidar mallaka, kuma an shigar da zane kafin a yarda a yi gini. In kuma a cikin gari yake, irin su Gangare ko Dilimi ko unguwar Sarkin Arab, to gaskiya ka shirya zuciyarka, gidaje da yawa magini ne kawai ya ja layi da ƙafa a ƙasa aka kama aiki, babu wani zane da aka taɓa yi balle a ce ya ɓace. Zane yakan shigo ne daga baya, lokacin da mai gida ya so ɗora bene ko fitar da shaguna bakin titi hukuma ta ce sai ya kawo fulan. Saboda haka abin da za ka samu mai yiwuwa zanen ƙari ne, ba na asalin gida ba, kuma wannan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda za ka gani.

Wajen zuwa kuma, a nan Jos fayil ɗin fili yana ma'aikatar filaye da safiyo ta jiha, su da PLAGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar, izinin gini kuma na shekarun baya-bayan nan yana wajen JMDB, hukumar raya birnin Jos. Ka tafi da wasiƙa a rubuce da sa hannun wanda magada suka wakilta, don fayil ɗin fili ba a buɗe wa kowa, kuma daidai ne hakan. Abin da ya shafi zamanin mulkin mallaka kuwa Kaduna za ka nufa, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa. Akwai reshensu a Jos, ka fara leƙawa can ka yi tambaya, amma manyan takardun lardi suna Kaduna. A can za a ba ka littafin jerin fayiloli ka duba da kanka, wanda ya shafe ka shi ne JOSPROF, wato takardun ofishin Razdan na Jos, sai SNP na sakatariyar lardunan Arewa. Ga inda mutane ke faɗuwa: Lardin Filato sai 1926 aka kafa shi, kafin nan Jos tana ƙarƙashin Lardin Bauchi ne, don haka duk abin da ya girmi wannan shekara ka duba BAUPROF ma, wato takardun Lardin Bauchi, kuma ka riƙa neman sunan Naraguta ba Jos kaɗai ba, domin da shi aka fi sanin yankin a takardun farko. Kuma ba za ka ga fayil mai sunan gidanku ba, kan fayil ɗin zai zama abu ne kamar rabon fulotai, ko tsarin gari, ko rahoton duba-gari, ko faɗaɗa titi, a ciki ne za ka yi ta juya shafi har lambarka ta faɗo. Taswirori da zane galibi a naɗe suke a can bayan fayil cikin wata 'yar aljihu, ka buɗe a hankali don wajen ninkin ya riga ya mutu.

Bari in ba ka labarin wani gida da na yi wa irin wannan aiki, shi zai fi nuna maka yadda ake haɗa abubuwan. Gida ne a wajen titin Bauchi, bene, shaguna uku a ƙasa, kusan irin naku. Iyalan sun ce mini an gina shi "shekarar da jirgi ya zo Jos". Na ce wane jirgin? Aka yi shiru. Ai jirgi sau biyu ya zo, akwai ƙaramin jirgin ƙasa na Bauchi da ya taso daga Zariya ya iso a 1914 saboda kwasar kuza, akwai kuma babban layin da ya zo ta Kafanchan a 1927, tsakaninsu shekara 13. Ka ga tun daga nan maganar baka ta rabu biyu, ba wai ƙarya tsofaffin suka yi ba, kowa abin da ya ji ya riƙe.

A akwatin wata gwaggonsu muka samu rasit mai lambar fuloti. Da lambar muka je wani ofishi, ba zan faɗi wanne ba, sati uku ana ce mana fayil ya ɓata, ashe an raba fulotin gida biyu lokacin wani rabon gado an sake masa lamba, tsohuwar lambar tana rubuce da jan biro a bangon sabon fayil ba wanda ya kula. Wani dattijon masinja ne da ya kusa ritaya ya gano, shi ya sa kullum nake cewa in ka shiga irin wuraren nan ka gaida masinja da kyau kafin ka nemi darakta. A cikin fayil ɗin akwai takarda ta 1948 mai gida na neman izinin cire rufin ciyawa ya sa kwano, wato a 1948 gidan yana tsaye kuma ƙasa ne, ba bene. Sai zane guda ɗaya mai kwanan wata na 1956 da hatimin amincewa, an zana bene, shaguna huɗu a ƙasa, da baranda doguwa a sama daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Nan take babban ɗan gidan ya ce shikenan an gama, 1956 aka yi bene. Na ce a'a Alhaji, tsaya. Zane niyya ce, yana gaya maka abin da mutum ya so ya gina ne a ranar da aka zana, ba ya gaya maka an gina, ko yaushe, ko an bi shi. Kuɗi kan yanke, mai gida kan canza ra'ayi, magini kan ce wannan ba za ta yiwu ba. Muka ɗauki tef muka auna. Zanen da sikelin da ne, kashi ɗaya cikin takwas na inci a matsayin ƙafa ɗaya, wato 1:96, ɗaki mai ƙafa 12 zai fito inci ɗaya da rabi a takarda. Shaguna huɗu a zane, uku a ƙasa, na huɗun ya zama zaure. Barandar kuma rabi kawai aka yi. Sannan kaurin bango: na ƙasa ya kai inci 18, dutse da laka, na sama kuma bulo ne na inci 9, kuma a zanen ma mai zanen ya yi wa bangon ƙasa wani irin layi daban da na sama, wanda shi ne yadda ake nuna abin da yake nan da abin da za a ƙara. To ka ga amfanin zanen ƙari, ya ba mu siffar tsohon gidan a 1956 ba tare da ya yi niyya ba.

Hotuna ne suka kama mana lokacin benen, kuma ba daga wani gidan tarihi suka fito ba, daga albam ɗin maƙwabta ne na tsallaken titi. Wannan ka riƙe shi da kyau, mutanen gida suna ɗaukar hoto ne sun juya wa ƙofarsu baya ko suna cikin tsakar gida, wanda gidanku zai fito sosai a bayansa shi ne maƙwabcin da ke fuskantarku ranar bikinsa ko sunansa, ko wanda ya ɗauki jerin gwanon sallah ko na 'yan makaranta a titin. Hoto na farko 'yan makaranta ne riƙe da 'yan tutocin Najeriya, ga gidan can a baya ba bene, kwano kawai. Tutar nan ba ta wanzu a titi ba sai 1960, don haka ko a 1960 ba a ɗora benen ba, shekara huɗu bayan an amince da zane. Hoto na biyu na biki ne, benen ya fito tsaf har da rabin barandar, a bayan hoton akwai hatimin mai hoto da shekarar 1969. Lura da bambancin shaidun biyu, tuta tana cewa "ba a ɗauke ni kafin kaza ba", hatimin wanki kuma yana cewa "ba a ɗauke ni bayan kaza ba", domin ana iya wanke tsohon fim a buga masa sabon hatimi amma ba a iya wanke hoton da ba a ɗauka ba tukuna. Sai muka rubuta: an ɗora bene tsakanin 1960 da 1969. Ba mu zaɓi shekara ɗaya ba don ba mu da ita. Alhaji bai ji daɗi ba, ya fi son lamba guda ya sa a rubuta a jikin bango, amma haka na bar shi.

Irin waɗannan alamomin na lokaci suna da yawa in ido ya saba. Motoci na tafiya ta hannun hagu, kafin Afrilun 1972 ne. Farashi a allon shago da naira da kwabo, 1973 zuwa sama. Lambar mota mai nuna jihar Binuwai-Filato, tsakanin 1967 da 1976 aka yi jihar, amma motar na iya ci gaba da yawo da lambarta bayan nan, don haka farkon kawai za ka riƙe. Rubutun biro da wani ya yi a bayan hoto kuwa ka ɗauke shi kamar maganar baka, sau da yawa jika ne ya rubuta bayan shekara talatin. Sannan ka duba ko hoton a juye aka wanke shi, yana faruwa, in rubutun allo ya koma baibai ko ƙofar da ka sani a dama ta koma hagu to fim aka kifa, kar ka je ka rubuta cewa an taɓa matsar da ƙofa.

Taswira kuma, nan ne na fi ganin an yi asarar kuɗin mota. Wanda za a fara miƙo maka shi ne na 1:50,000, shafin da Jos ke ciki sunansa Naraguta, lamba 168. Yana da kyau don ganin yadda gari ya faɗaɗa da inda ramukan kuza suke, amma a wannan sikelin milimita ɗaya mita 50 ce, fulotinku in irin na ƙafa 50 da 100 ne, wato kamar mita 15 da 30, bai kai ko milimita ɗaya ba, unguwar gaba ɗaya shafa mata launi kawai aka yi. Abin da za ka nema da baki shi ne taswirar cikin gari mai babban sikeli, irin 1:2,400 ko 1:1,200, a 1:2,400 tsawon fulotin zai kai milimita 12 da rabi, ana ganin siffar gini har da tsakar gida. Ka tambaya a ofishin babban safiyo na jiha, in babu sai na tarayya a Abuja. In ka samu kar ka karanta shekarar da aka buga da manyan baƙi, ka sauka can ƙasan takardar wajen ƙananan rubutu, nan ake faɗin shekarar da aka yi awo ko aka ɗauki hoton sama, da shekarar da aka yi gyara. Taswirar da aka buga a wata shekara tana iya nuna garin yadda yake shekara goma kafin nan, kuma gyaran ma wani lokaci titi kawai aka ƙara ba a koma kan gidaje ba. Saboda haka in gida ya fito a taswira shaida ce mai ƙarfi cewa yana nan lokacin awo, in bai fito ba shaida ce mai rauni. A gidan titin Bauchin nan mun samu kofin wani tsarin fulotai a cikin fayil na Kaduna, fulotin na nan da lambarsa amma ba a zana gine-gine a kai ba sam, don haka bai raba mana gardamar 1914 da 1927 ba, abin da muka iya tsayawa a kai shi ne ƙasan gidan ya girmi 1948, sauran muka rubuta shi a matsayin abin da iyali suka ce, da sunan wanda ya faɗa da shekarunsa.

In kana taɓa kwamfuta kana iya ɗora tsohuwar taswirar a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau da manhajar taswira ta QGIS, akwai abin yin wannan aiki mai suna Georeferencer a ciki, kyauta ne. Ka zaɓi wurare biyar ko shida da ba su motsa ba kamar mahaɗar titi, gada, layin dogo, kusurwar tsohon masallaci ko coci, kuma su warwatsu a faɗin takardar. Kar ka kwafi lambobin gefen taswira ka zuba kai tsaye, tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka yi su, waya da Google Earth kuma WGS 84 suke bi, bambancin ya kusa mita 100, ya isa ya kai ka gidan mutum na uku ko na huɗu ka zauna kana rubuta tarihin gidan wasu.

Hoton sama na jirgi ma akwai, hukumar safiyon Ingila ta ƙasashen waje ta ɗauki da yawa a Najeriya don yin taswira, tarinsu yanzu yana Edinbara a wajen da ake kira NCAP, ana bincikawa ta intanet amma kofi mai kyau sai an biya. Kafin ka biya ka tambayi sikeli, a 1:40,000 gida mai mita 15 bai kai rabin milimita ba, abin da za ka iya gani bai wuce ko wurin gini ne ko fili ba. Gidan adana takardu na Ingila da ke Kiyu kuma ya sa hotunan ofishin mulkin mallaka a intanet, jerin CO 1069, amma galibi gine-ginen gwamnati ne da manyan tituna. Haka hotunan mishan na SIM da SUM, in gidanku na kusa da coci ko asibiti ko kantin littattafansu to ka tambaya a hedikwatar ECWA ko COCIN a nan Jos. Ka leƙa gidan tarihi na Jos ma, wanda aka buɗe a 1952, da tsofaffin kofen jaridar Standard daga 1972, ni dai don gidan talaka ban cika samun komai a waɗannan ba sai dai in wani abu ya faru a titin.

Duk abin da ka samu ka ɗauke shi hoto gaba da baya, da bangon fayil ɗin mai lamba, ka rubuta lambar shafi a littafinka nan take don wallahi bayan sati biyu ba za ka tuna wanne ya fito daga ina ba. In zane ne ka ajiye rula a gefensa kafin ka ɗauka, kuma in an yi fotokofi kar ka auna a kai don inji yana ragewa ko ƙarawa, lambar da aka rubuta a jikin zanen ita ce abin bi. In na gida ne kuka samu, mai shuɗin nan da fararen layuka ko mai farin da layinsa ya koma ruwan ƙasa yana warin amoniya, kar a kai shi laminatin, kar a manna salatif, kar a rataye shi a falo, haske yana cinye layin musamman na biyun, a shimfiɗa shi cikin babbar takarda a wuri busasshe, wanda za a rataya a buga kofi.

Tunda kun kusa fara gyara, kafin lebura ya ɗaga guduma ka zagaya da tef da waya ka auna kowane ɗaki da kaurin kowane bango, ka ɗauki kowace fuska ta gidan a tsaye daga tsallaken titi. Ranar da za a kankare filasta kuma ka kasance a wurin da kanka, don a nan ne za ka ga inda dutse ya tsaya bulo ya ɗora da tsohuwar taga da aka toshe, kwana ɗaya ko biyu kawai zai yi a buɗe kafin a sake shafewa. In an cire tsohon kwano ka juya bayansa ka duba ko akwai tambarin kamfani, ka yanke wajen ka ajiye. Ka fara turo min hoton rasit ɗin da na dutsen safiyon in ka samu, daga lambar zan iya gaya maka ko Kaduna za ka fara ko ma'aikatar filaye.